Takardun ɗaukar aiki uku a hannuna: yadda na tsamo fansho, inshorar lafiya da alawus na kwatanta su

Aikina kula da sito ne da shige da ficen kaya, kuma a farkon 2026, bayan na daɗe ina neman canjin wuri, sai Allah ya sa takardun ɗaukar aiki uku suka same ni kusan lokaci guda. Ta farko daga wani kamfanin rarraba kaya a Abuja, a samanta an rubuta naira 7,200,000 a shekara da manyan baƙaƙe. Ta biyu daga wata masana'anta a nan Kano, ita naira 5,400,000 ta ce. Ta uku daga wata ƙungiyar agaji mai aiki a arewa maso gabas, ita ba ta ma yi maganar shekara ba, cewa ta yi naira 550,000 duk wata na tsawon wata 11. Kowacce ta ba ni kamar mako guda in sa hannu in mayar. A gida kowa ya riga ya yanke hukunci cewa Abuja za ni, tunda lambarta ce ta fi girma. Ni ma zuciyata can ta karkata. Abin da ya tsayar da ni shi ne takardun ba su yi kama da juna ba ko kaɗan: ɗaya shafi huɗu ce da jadawali a ƙarshe, ɗaya shafi biyu, ɗaya kuma yarjejeniya ce mai sakin layi fiye da ashirin wadda ko kalmar fansho babu a cikinta.

Wurin wani yayana na fara zuwa, wanda ya daɗe yana aikin biyan albashi kafin ya yi ritaya. Na miƙa masa takardun, ya sa tabarau ya duba samansu kawai, ya ajiye. Ya ce, “Kai dai ba za ka iya gwada waɗannan a haka ba, mudun kowa daban ne. Ɗauko littafi.” Ya sa na ja layi uku a tsaye, ɗaya ga kowace takarda, sannan a gefen hagu ya riƙa faɗa ina rubutawa: ainihin albashi, kuɗin gida, kuɗin mota, sauran alawus na wata-wata, kuɗin da ake biya sau ɗaya a shekara, kuɗin da sai an cika sharaɗi, fanshon da kamfani zai zuba, fanshon da za a cire mini, inshorar lafiya, inshorar rai. Ya kafa mini ƙa'ida biyu. Kowane adadi in mayar da shi na shekara, kada in haɗa na wata da na shekara a layi ɗaya. Kuma duk gurbin da takarda ba ta faɗa ba, in bar shi fari in sa alamar tambaya, ko da an faɗa mini da baki a wurin intabiyu. Na ce, “Yaya, ai manajan da kansa ya ce mini akwai kuɗin hutu.” Ya ce, “To manajan ne zai biya ka daga aljihunsa? Bar shi fari.”

Da na zauna da takardar Abuja a daren, sai naira miliyan 7.2 ɗin nan ta fara narkewa. Ainihin albashi 1,200,000 ne, kuɗin gida 720,000, kuɗin mota 480,000, wato ukun sun tashi 2,400,000. Sauran alawus na wata-wata, irin su kuɗin abinci, kuɗin wuta da ruwa da kuɗin waya, sun tashi wata 2,400,000. Ke nan abin da ake lissafa mini duk wata kafin a cire komai naira 400,000 ne. Sai albashin wata na goma sha uku, wanda na ɗauka cikakken albashi ne, ashe wata ɗaya ne na ainihin albashi kaɗai, 100,000, da kuɗin hutu 120,000. Ragowar fiye da miliyan biyu kuwa ba kuɗi ba ne da zai shigo asusuna a kai a kai. A ciki akwai fanshon da kamfani zai zuba 240,000, kuɗin da suke biya wa kamfanin inshorar lafiya 180,000, kuɗin horo da inshorar rai 560,000, da ladan ƙwazo da aka rubuta cewa zai iya kaiwa 1,200,000 idan kamfani ya ga dama kuma aka cika ma'aunin shekara. Ba ƙarya suka yi ba, a ƙasan jadawalin sun rubuta cewa wannan shi ne jimillar abin da kamfani zai kashe a kaina. Sai dai abin da za a kashe a kanka daban, abin da za a ba ka daban.

Takardar Kano ba ta da wannan ado. Naira 5,400,000 ɗin duka albashi ne da ake raba wa wata 12, wato 450,000 a wata, kuma an kasa shi: ainihin albashi 2,160,000, kuɗin gida 1,350,000, kuɗin mota 810,000, sauran alawus 1,080,000. Kuɗin hutu, kashi 10 cikin 100 na ainihin albashi, 216,000, yana waje da wannan adadin. Game da fansho layi ɗaya kawai suka rubuta, cewa za a bi dokar fansho, ba su sa lamba ba. Tun a nan na ga cewa takardar da ta fi ƙanƙanta a sama ta fi ta Abuja da 50,000 duk wata. Ita kuwa ta ƙungiyar agaji, layinta kusan duk alamar tambaya ne, in ban da 550,000 sau 11, da kuɗin kwana idan an fita aikin ƙauye.

Washegari na tafi ofishin kamfanin da ke kula da asusun fanshona, don ina da asusu tun daga tsohon wurin aikina. Ba a biyan ko kwabo a nan, kuɗin adaidaita ne kawai ya fita daga aljihuna, amma na sha zama, domin na tarar da dattawa masu zuwa sabunta bayanai sun cika bencin. Na je da lambar asusuna mai farawa da PEN da katin ɗan ƙasa. Da layi ya zo kaina, jami'ar ta duba takardun ta yi mini bayanin da ya fi komai amfani a duk zirga-zirgar. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma a cire masa aƙalla kashi 8. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne a kan wane adadi ake ɗora kason. Doka ta ce kada ya gaza jimillar ainihin albashi da kuɗin gida da kuɗin mota. Kamfanin da ke son rage wa kansa nauyi sai ya matse waɗannan ukun, ya kumbura sauran alawus, kuma bai karya doka ba. Ta ce, “Malam, dubi nan. Waɗannan na Abuja rabin albashinka kawai suka sa a ƙarƙashin fansho. Waɗannan na Kano kashi 80 suka sa.”

Muka buga lissafin a kan teburinta. A Abuja, kashi 18 na 2,400,000 shi ne 432,000 a shekara, 240,000 daga kamfani, 192,000 daga ni. A Kano, kashi 18 na 4,320,000 shi ne 777,600, kamfani ya zuba 432,000, ni a cire mini 345,600. Abin da masana'antar Kano za ta zuba ita kaɗai daidai yake da duk abin da ni da kamfanin Abuja za mu haɗa. Gaskiya ne za a fi cire mini a Kano, 28,800 a wata maimakon 16,000, amma kuɗin nawa ne, a asusun da ke ɗauke da sunana, kuma yana bin mutum duk inda ya koma aiki. Ta kuma nuna mini wani layi a takardar Abuja da ya ce fansho zai fara bayan an tabbatar da ni a aiki, wato bayan wata shida na gwaji. Ta ce dokar ba ta ware lokacin gwaji ba, in nemi su gyara ko su yi bayani a rubuce. Kafin in tashi ta faɗa mini hanyar gane kamfanin da ke cire kuɗi amma ba ya turawa, matsalar da ta ce ita ta fi kawo mutane wurinsu da ɓacin rai. Doka ta ba mai ɗaukar aiki kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi ya tura kuɗin, don haka idan an biya ka aka yi makonni ba ka ga saƙon shigar kuɗi ba, da sauran magana. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kuma tana ba kamfanoni takardar shaidar cika ƙa'ida duk shekara, tana wallafa sunayensu a shafinta. A nan kan benci na duba a waya, na ga sunan masana'antar Kano, ban ga na Abuja ba. Rashin suna ba hujja ba ce cewa ba sa biya, don akasari masu neman kwangilar gwamnati ne ke neman takardar, amma na ƙara shi cikin tambayoyina. Tun da na zo, na kuma cike fom na koma rukuni na shida na asusun fansho, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, da aka buɗe a 2021. Wannan bai shafi zaɓen aiki ba, sai dai na san da yawa daga cikinmu abin yana damunsu.

Takardar ƙungiyar agaji ko minti biyu ba ta yi a hannun jami'ar ba. Ta nuna mini sakin layin da ya ce ni mai ba da shawara ne mai zaman kansa, ba ma'aikaci ba, kuma za a riƙe kashi 5 cikin 100 na haraji daga kowane biya. Wannan jimla ɗaya ita ta bayyana duk guraben da suka zauna fari: babu fansho, babu inshorar lafiya, babu inshorar rai, babu kuɗin hutu. Naira 522,500 za ta riƙa shigowa duk wata, ta fi ta kowa a hannu, amma daga cikinta zan saya wa kaina duk waɗancan, wata na goma sha biyu kuma babu komai, sabuntawa kuwa sai idan masu ba da tallafi sun sake sakin kuɗi.

Batun lafiya shi ya fi cin lokaci, domin takardun ɗaukar aiki kusan ba sa faɗin komai a kai. Ta Abuja cewa ta yi akwai inshorar lafiya, ta Kano ta ce akwai ga ma'aikaci da iyalinsa bayan tabbatarwa. Tun 2022 dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta mayar da inshorar lafiya tilas, don haka cewa akwai ba wani abin tinƙaho ba ne. Maganar ita ce wa ta rufe, me ta rufe, daga yaushe, kuma har nawa. Ni kuma maiɗakina tana da ciki wata huɗu, haihuwarta ta baya da tiyata aka yi, ga yara uku, ga mahaifiyata mai hawan jini da ke hannuna. Na rubuta wa ofishin ma'aikata na kamfanonin biyu saƙo iri ɗaya, na nemi sunan kamfanin inshorar, sunan tsarin da matakina yake kai, jadawalin abubuwan da aka rufe, da jerin asibitoci. Na ji nauyin yin haka, ina tsoron a ce yaron nan tun bai shigo ba ya fara fitina. Na Kano suka turo da yammar ranar. Na Abuja sai da na bi da kiran waya, jami'in ya ce, “Yallaɓai, ai cikakken tsari ne, kada ka damu.” Na ce, “Ranka ya daɗe, na yarda, amma a taimaka mini da takardar, iyali ne ke tambaya.” Daga baya ta iso.

Da na buɗe, tsarin Abuja na mutum ɗaya ne. Idan ina son sa mata da yara, zan biya ƙari a kan kowane kai daga albashina, kuma asibitocin da ke jerin matakina a Kano ba su taka kara sun karya ba, alhali iyalin a Kano za su zauna. Na masana'anta ya rufe ni da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Wannan tsari na mata ɗaya da 'ya'ya huɗu shi ne gama-gari, haka yake har a tsarin ma'aikatan gwamnatin tarayya, inda ake ɗaukar 'ya'yan cikinka 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu, ko mai 'ya'ya shida, ko mai riƙon marayu, ya tambayi kuɗin ƙarin kai tun kafin ya sa hannu. Iyaye kuwa babu su a ko ɗaya, don haka maganin Hajiya ya ci gaba da zama a wuyana ko ina na zaɓa, sai na cire shi daga kwatancen gaba ɗaya.

Jadawalin inshora ba ya karantuwa a gida, sai na ɗauke shi zuwa asibitin da maiɗakina ke awo, wanda yake cikin jerin masana'antar. A kowane asibiti da ke karɓar inshora akwai teburin da ke kula da masu kati, kuma mutumin da ke zaune a wurin ya fi kowa sanin gaskiyar kamfanonin, don shi ke kiransu neman lambar amincewa kafin a yi wa mara lafiya aiki. Na jira har ya sallami layin safe. Ya sa yatsa a kan layuka uku ya ce su kaɗai zan duba: iyakar kuɗin shekara ga kowane mutum, iyakar kuɗin tiyata, da iyakar kuɗin haihuwa. Ya nuna mini cewa a tsarin masana'antar tiyatar haihuwa tana ƙarƙashin iyakar naira 400,000, kuma a farashin asibitinsu hakan zai ɗauki mafi yawan kuɗin, in cika ragowar. Ya nuna mini shafin baya mai ƙananan rubutu inda aka jera abin da ba a biya, da wurin da ake rubuta lokacin jira kafin a fara biyan haihuwa, wanda a wannan tsarin na kamfani babu shi. Na tambaye shi ko kamfanin inshorar yana ba da lamba da wuri. Ya ce, “Waɗannan ba laifi, da rana ba sa wuce awa guda. Da dare ne sai an yi haƙuri.” Amma ga inda gizo ke saƙar: takardar ɗaukar aikin ta ce katin sai bayan wata shida, haihuwar kuma saura wata biyar.

Na koma wurin Yaya da littafin ya kusa cika, muka yi haraji. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 ta farko, ta ɗora kashi 15 a kan miliyan 2.2 da ke biye, sannan kashi 18 a kan miliyan 9 na gaba, kuma ana cire fanshon ma'aikaci kafin a lissafa. Ba mu sa rangwamen kuɗin haya ba a duka biyun don ma'aunin ya zama ɗaya. A Abuja, tabbataccen kuɗi 5,020,000 ne, a cire fansho da harajin kusan 659,000, saura kimanin 4,169,000, wato kusan 347,000 a wata. A Kano, 5,616,000 ne har da kuɗin hutu, a cire fansho da harajin kusan 739,000, saura kimanin 4,532,000, kusan 378,000 a wata. Ladan ƙwazon Abuja muka rubuta shi a ƙasa shi kaɗai. Yaya ya sa na kira wani da ya taɓa aiki a can in tambayi nawa aka biya a zahiri, ya ce a zamansa bai taɓa ganin an kai rabin abin da aka rubuta ba. Ko da an ba ni rabin, bayan haraji abin da zai rage bai kai 500,000 ba, kuma hayar ɗaki a Abuja da kuɗin motar zuwa gida za su haɗiye shi har su nemi ƙari. Ya kuma tuna mini da inshorar rai: dokar fansho ta tilasta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, kamfani ne ke biyan kuɗinta. Don haka sa ta cikin jimilla kamar wata kyauta, yadda na Abuja suka yi, ƙara wa lamba ƙiba ne kawai. Takardar Kano ba ta ambace ta ba, sai ta shiga jerin tambayoyi. Haka kuɗin asusun gidaje na ƙasa, kashi 2.5, wanda tun 2023 ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, na tambaya ko suna cirewa.

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika na je masana'antar da kaina. Mai gadi ya karɓi katina, na zauna a ɗakin jira har shugabar sashen ma'aikata ta fito daga taro. Ban nemi ƙarin albashi ba. Na ce, “Hajiya, abu uku nake roƙo a sa mini a rubuce: inshorar lafiya ta fara daga ranar da na kama aiki, a rubuta kason fansho da adadin da ake ɗora shi a kai, a kuma ambaci inshorar rai.” Na faɗa mata dalilin na farkon ba ɓoye-ɓoye. Ta ce biyun ƙarshe dama suna yi, rubutawa ce ba a yi ba, na farkon kuma sai ta ji daga manajan darakta. Kashegari aka turo sabuwar takarda da sakin layi uku da aka ƙara, na karanta ta daga farko har ƙarshe don in tabbata ba a taɓa sauran lambobin ba, sannan na sa hannu na riƙe kwafi. Na Abuja sun amsa cewa ba za su sauya tsarin albashi saboda mutum ɗaya ba, maganar fanshon lokacin gwaji kuma ba su ce komai a kanta ba. Na rubuta musu da ƙungiyar agajin godiya na janye.

Wanda zai bi wannan hanyar, abin da zan ce ya fara nema a kowace takarda shi ne matsayin da aka ba shi, ma'aikaci ne ko mai kwantiragin ba da shawara, domin wannan ke yanke ko sauran guraben za su cika. Daga nan ya haɗa ainihin albashi da kuɗin gida da na mota ya ga kashi nawa ne na albashin wata. Idan rabi ne ko ƙasa, fanshonsa zai yi ƙaranci, haka kuɗin hutu da na wata na goma sha uku da giratuti in akwai, don yawanci a kan ainihin albashi ake ɗora su. Kada kuma ya ɗauka sakamakona zai zama nasa. Saurayin da ba shi da iyali, mai son tara jari cikin shekara guda, zai iya ganin takardar ƙungiyar agajin ta fi masa, muddin ya ware kuɗin inshora da na watan da babu albashi da hannunsa. Tambayoyin a tura su a rubuce tun ranar da takarda ta iso, saboda jadawalin inshora shi ke daɗewa kafin ya zo, wa'adin sa hannu kuma ba ya jira. Bayan an kama aiki, a gwada takardar biyan albashin watan farko da littafin layi bayan layi. Tawa ta nuna an cire 28,800 na fansho, kuma saƙon da ya shigo daga kamfanin fansho a mako na biyu ya nuna 64,800, nawa da na masana'anta a haɗe.